Kwalbar Mai Ƙosai

Ina farawa da sunan Allah, wanda Ya san abin da ke cikin mahaifa tun mai ɗauke da shi ba ta farga ba.

Mu zuriyar mutanen jirgi ne. Kakanmu ya biyo layin dogo daga Kano, ya sauka Minna da sana'ar dukanci, bai sake komawa ba. Mahaifina ne ya koya mini karatu da rubutun ajami, boko kuwa har yau sai an karanta mini. A lokacin da nake ba da labarinsa, Minna ba ta jima da zama babban birnin jiha ba. Muna zaune a Kpakungu, cikin gidan haya mai ɗakuna a jere, rijiya ɗaya, bayan gida ɗaya. Ni da maigidana da yara muna can ƙurya, ƙanena tela da matarsa suna ɗakin da ke kusa da zaure.

Matar ƙanena yarinya ce mai kunya, daga wani ƙauye wajen Kontagora. Amarya muke ce mata, ko da yake auren ya shekara biyu. Mahaifiyarta ta rasu, saboda haka da ta samu ciki babu gidan da za a mai da ita goyon ciki, sai nauyin ya faɗo kaina. Cikin fari ne, kuma an san yadda ake yi da shi. Ta ɗaure zani a ƙirji, ta yafa mayafi cikin zafin rana, ko an tambaye ta sai ta sunkuyar da kai ta ce ita lafiyarta lau. Muka bar ta da kunyarta har cikin ya fito sarai.

Abin da ya tayar mini da hankali ƙafafunta ne. Takalminta na roba ya daina shiga. Da safe fuskarta takan yi suntum, zoben hannunta ya nutse cikin yatsa, kullum kuma tana ɗaure da kallabi tamau saboda ciwon kai. Na haifi biyar, ƙafata takan kumbura da yamma, amma fuska ban taɓa gani ba sai a wurin wata 'yar kawuna, wadda jijjiga ta kama ana cikin naƙuda. Aka ce iskoki ne, aka yi ta hayaƙi, kafin la'asar an binne ta da abin cikinta. Na je na samu ƙanena a kan kekensa na ɗinki, na ce ranar awo zan kai matarsa asibiti. Ya ce to, Yaya, duk yadda kika gani.

Matan gidan ba su ga haka ba. Akwai wata dattijuwa a ɗakin da ke fuskantar rijiya, wadda ta yi shekaru tana tuyar ƙosai a ƙofar asibiti kafin a kori masu talla daga wurin. Ba ta taɓa wuce barandar asibitin ba. Amma tun da hayaƙin kaskonta ya taɓa shiga tagar ɗakin haihuwa, ta ɗauki kanta rabin likita. Inna ake ce mata. Ta san sunan kowace allura, ta san wanda aka yanka da wanda ya mutu, kuma idan tana bayani takan tsoma kalmar Turanci guda a ciki, mata su gyara zama. Kullum da kofin ruwa a gefenta, tana magana tana kurɓa.

Ita ce ta dubi ƙafar Amarya ta yanke hukunci. Ta ce kumburi alamar ɗa namiji ne, wannan ba abin damuwa ba ne. Abin damuwa zaƙi ne. A wurin matanmu, zaƙi wani abu ne da ke taruwa a cikin mai ciki idan tana shan rake da shayi mai sukari, ya tsare hanya ranar haihuwa, naƙuda ta yi tsawo. Amarya kuwa kwaɗayin rake ya kama ta tun farkon cikin. Mai ƙosai ta haɗa mata jiƙon maɗaci da wasu saiwoyi, tana sha tana yamutsa fuska.

Jajibirin tafiyarmu, da hantsi, ina wanki a bakin rijiya na ji mai ƙosai tana ba Amarya labarin asibiti.

"Fitsarinki za su dafa," in ji ta. "A gabana ake yi. Da sun ga zaƙi, shi ke nan, sun rubuta ki. Ranar haihuwa ba su ma jiran ki yi nishi, sai wuƙa. Wadda aka yanka kuwa, kin san yadda ake kallonta. Raguwa."

"Inna, daga wajen kasko kika hango duk wannan?" na tambaye ta.

"Ke dai malama ce, ki tsaya a kan allonki. Ni na zauna da su."

Amarya ba ta ci abincin rana ba ranar. Na same ta a ɗaki tana ninke zani tana warwarewa. Ta ce, "Yaya, namiji ne zai duba ni?" Na ce mata ne ke awo. Ta ce, "In suka ce za su yanka ni fa?" Na ce ba a yanka mutum a wurin awo, auna shi ake yi, shi ya sa ake ce masa awo. Na karanta mata abin da ya sawwaƙa, na tofa a ruwa ta sha. Na kuma wanke mata wata 'yar kwalbar magani da ruwan zafi, na ce da asuba ta yi fitsarin farko a ciki. A lokacin mata da kwalabensu suke zuwa daga gida, domin bayan gidan wurin awon ba ya shiguwa, ma'aikatan kuma sun saba karɓa.

Da gari ya waye muka hau tasi. Kwalbar tana ƙulle a leda cikin haɓar zaninta, ta riƙe ta da hannu biyu har muka sauka.

Wurin awon wata doguwar rumfa ce mai bencina. Mata sun cika ta, Hausawa da Nufawa da Gwarawa da Yarbawa da Ibo, kowa na juya Hausa yadda bakinta ya iya. Aka yi addu'a ta Musulmi, aka yi ta Kirista. Wata ma'aikaciya ta tsaya ta yi bayani a kan cin wake da ganye da kifi, da wanke nono, da kayan da ake tanada kafin haihuwa, sannan ta sa aka yi waƙa ana tafi. Amarya ba ta tafa ba, hannunta na kan kwalba. Aka ware sababbin zuwa gefe guda, aka yanka mata kati, aka ɗora ta a kan sikeli, aka jingina ta da bango aka auna tsawonta. Wata ta soki yatsanta ta ɗebi jini don a ga ko ya ishe ta. Aka karɓi kwalbar, aka manna mata takarda, aka jera ta cikin sauran a kan tebur.

Ungozomar da muka shiga wurinta Banufiya ce, mutuniyar Bida, babbar mace mai tabarau. Sista ake kiranta. Ta bar ni na shiga saboda ta ga yarinyar ba za ta buɗe baki ba.

"Yaushe kika ga jinin wata na ƙarshe?"

Amarya ta dubi ƙasa.

"Ba ni na yi miki cikin ba, ki daina jin kunyata. Yaushe?"

Na ce mata ta tuna lokacin da ta yi fashin salla. Ta yi raɗa ta ce makon babbar salla, domin ranar da aka yanka rago ba ta yi salla ba. Sista ta dubi kalandar bango, ta ƙirga da yatsa, ta ce ciki ya shiga wata na takwas. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Wata takwas. Me kuke jira, ya fito ya kawo kansa?"

Ta tambaya ko akwai tagwaye a danginsu, ko ta taɓa ɓari, ko tana ganin jini, ko ɗan yana motsi. Sannan ta kwantar da ita bayan labule, ta lalubi cikin da tafin hannu a hankali, ta auna shi da awon tela irin na ƙanena. Ta ce ɗan ya ɗan gaza watanninsa girma. Ta ɗauko wani ƙahon ƙarfe ta kafa a cikin, ta manna kunnenta, tana duban agogon ƙirjinta. Ta ce zuciyarsa na bugawa daidai. Nan ne na fara ganin Amarya ta ɗaga ido ta dubi fuskar matar.

Sai Sista ta danna mata ƙwauri da babban yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta naɗa mata abin awon jini a dantse, ta hura, ta saurara. Ta bar ta ta huta, ta sake. Ta ce jinin ya hau. Ba hawan da zai sa a ruga da ita ba, amma ya wuce inda ya kamata.

"Bari mu ga fitsari. Shi zai gaya mini ko gida za ki, ko gado."

Teburin gwajin yana cikin ɗakin, wata ƙaramar ma'aikaciya ke kula da shi. Ta zuba fitsarin a siririyar kwalba ta kara a fitilar sifirit, ya tafasa, ta ɗiga wani ruwa, ya tsaya garau. Sista ta ce to, wannan da sauƙi. Sai yarinyar ta ɗauki wata kwalbar mai shuɗin ruwa, ta ɗiga fitsarin a ciki, ta kara a wuta. Muna kallo shuɗin ya koma kore, ya koma rawaya, ya zarce ya zama ja kamar ƙasar bulo.

"Sista, zo ki gani," in ji ta.

Sista ta ɗaga kwalbar a hasken taga. Ta ce, "Sukari. Mai yawa kuwa." Ta juyo ta fara tambaya: kina yawan jin ƙishirwa? Kina tashi fitsari sau da yawa? Akwai mai ciwon sukari a gidanku? Amarya tana girgiza kai, har ta zame daga kujera ta durƙusa ta kama ƙafar matar.

"Don Allah kada ku yanka ni. Ba nawa ba ne."

"Mene ne ba naki ba?"

"Fitsarin. Na Inna ne."

Sista ta dube ni. Na ce wallahi kwalba kawai na wanke. Da kuka da komai maganar ta fito. Da asuba, ina salla, mai ƙosai ta tare ta a bakin bayan gida, ta karɓi kwalbar ta zubar da abin da ke ciki. Ta ce ita ta haifi tara ba a taɓa samunta da zaƙi ba, nata tas yake kamar ruwan famfo, ta sha taimakon yara da shi. Ta shiga ta cika kwalbar, ta miƙo mata, ta ce kada ta gaya mini, ni ba na gane harkar asibiti.

Ƙaramar ma'aikaciyar ta juya baya, kafaɗunta na motsi. Sista ba ta yi dariya ba.

"An ari zani, an ari tukunya, yanzu har fitsari. Wace ce Innar nan, uwarki?"

"Maƙwabciya ce," na ce. "Da tana tuya a ƙofarku."

"Gajera, mai tsaga a kumatu? Wadda take gaya wa mata su ɓoye ƙwayar ƙarin jini wai tana sa kan ɗa ya yi girma?" Ta yi tsaki. "Ashe tana nan tana aiki."

Ta ba Amarya wani kwano mai tsabta, ta haɗa ta da ma'aikaciyar, ta ce ta tsaya mata a ƙofa, kada a sake samun mai taimako a hanya. Suka dawo. Shuɗin ruwa ya tafasa ya tsaya shuɗi, babu sukari ko kaɗan, duk raken da aka sha. Amma ɗaya gwajin, da fitsarin ya ji wuta, sai ya yi fari-fari kamar an fasa farin ƙwai a ruwan zafi, aka ɗiga ruwan nan bai washe ba.

Sista ta zaunar da ita ta yi mata bayani da Hausarta ta Bida, wadda in magana ta yi tsawo ba ta damu da bambanta mace da namiji ba, amma babu kalmar da ta ɓace mana. Ta ce sukari a fitsari ba ya sa a yanka kowa, jini ake ɗiba a tabbatar, in ciwon ne a gyara abinci a ba da magani. Zaƙin da ake ba ta tsoro da shi kuwa, ta ce ta shekara da shekaru tana karɓar haihuwa ba ta taɓa cin karo da shi a hanya ba. Abin da ke kashe masu cikin fari shi ne wannan farin da muka gani, idan ya haɗu da hawan jini da kumburin fuska da ciwon kai. Ƙarshensa jijjiga.

"Da fitsarin tsohuwar nan ya fito garau duka biyu, da na ba ka ƙwayoyi na ce ka je gida ka kwanta, ka dawo mako mai zuwa. Da ciwon kan nan, ban san ko za ka kai ba. Ka gode wa Allah da Ya sa wadda ta ba ka aro ita ma ba ta da lafiya."

Ta ce a zubar da jiƙon. Ta lissafa mata abubuwan da za ta faɗa nan take in ta ji su: kai ya tsananta, ido ya riƙa ganin walƙiya ko hazo, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari, jini, ko ɗa ya rage motsi. Aka yi mata allurar da ke kare jariri daga ciwon sanƙarar jiki ta cibiya, aka ba ta jar ƙwaya ta ƙarin jini da 'yar ƙarama rawaya, da maganin zazzaɓin da ake sha Lahadi-Lahadi. Sannan aka kira likita, ya duba, ya ce a ba ta gado.

Amarya ta kama hannuna. Na ɗauka kuka za ta sake, sai na ji ta tambayi Sista, da muryar da ban san tana da ita ba, ko za a bar ta ita ma ta ji bugun nan na cikin ƙaho. Sista ta ce kunnenta ba zai kai cikinta ba, sai dai yayarta ta ji mata. Ta kafa ƙahon, na manna kunne. Can ciki, da sauri-sauri, kamar agogon hannu a ƙarƙashin matashi. Na gaya mata. Ta ce to, a kai ta gadon.

Da zan fita Sista ta kira ni. Ta ce in gaya wa tsohuwar ta zo a ɗebi jininta, kada ta ci komai kafin ta zo.

Na iske matan gidan a bakin rijiya, mai ƙosai a tsakiya da kofinta. Da ta ga ni kaɗai na dawo, ta tafa hannu.

"Ba na faɗa ba? Sun riƙe ta."

Na so in ja ta gefe, domin addini bai yarda a tona asirin mutum a bainar jama'a ba, ko da shi ya nema. Na ce ina da saƙo gare ta a ɗaki. Ta ce in faɗa a nan, ita ba ta da ɓoye-ɓoye. Sai na faɗa. Na ce an samu zaƙin, mai yawa, har ruwa ya koma ja, kuma Sista tana gaishe da mai shi, ta ce ta zo da safe ba ta karya kumallo ba.

Wata Bayarabiya mai sai da atamfa, da ke ɗakin tsakiya, ta ce, "Shi ya sa. Kullum Inna ya fito bayan gida, tururuwa ya cika wurin. Ni ina cewa yara ne suna zubar da shayi."

Mai ƙosai ta ce ƙarya ne, musanya kwalabe suka yi, ta san aikinsu, a gabanta ake yi. Ta ɗaga kofi za ta sha, ta ga duk ido na kan kofin, ta ajiye.

Amarya ta yi makonni a kwance a gefen hagu, ana auna jininta safe da yamma, ana dafa fitsarinta kullum, nata na kanta. Ina kai mata abinci, ƙanena yana zuwa bayan la'asar ya tsaya a bakin taga kamar baƙo. Ta saba da wurin har ta riƙa gaya wa sababbin kwanciya abin da ake yi da kowane ƙarfe. Da jinin ya ƙi sauka duk da magani, likita ya ce ba za a jira wata ya cika ba, aka sa mata ruwan naƙuda. Na tambaye ta ko tana tsoro. Ta ce an gaya mata in abin ya ƙi za a yi aiki, kuma ta ce a yi. Allah bai kawo haka ba. Ta haihu da kanta, mace, 'yar mitsitsiya, mai ƙarar murya. Ɗa namijin da aka gani a ƙafa bai zo ba.

Ranar suna mai ƙosai ce ta fi kowa shiga da fita. Ba ta je an ɗebi jinin ba, sai bayan shekaru, da wani miki a ƙafarta ya ƙi warkewa, 'ya'yanta suka ɗauke ta ba da sonta ba. Ranar sunan dai tana zaune kusa da mai jego, da kwalbar lemo a hannu, ta biyu ko ta uku. Ina raba tuwo na ji tana gaya wa baƙin Kontagora cewa ba don ita ba da an rasa yarinyar nan. Wai da gangan ta ba da nata, don ta san shi ne zai sa su tsaya su duba da kyau.

Baƙin suka yi ta sa mata albarka. Na buɗe baki, sai Amarya ta riga ni. Tana gyara wa jaririyar hula, ba ta ko ɗago ba.

"Inna, Sista ta ce in tambaye ki ko har yanzu ba ki karya ba. Tana jira."